Aikin gwamnati ko kamfani: a ina za ka tsinci kanka bayan shekara goma?

Duk shekara idan yara suka gama bautar ƙasa sai an turo min wannan tambayar, wani ya samu takardar kama aiki a ma'aikata kuma ga banki ko kamfani sun kira shi intabiyu, ya rasa wanne zai ɗauka. Yawanci abin da suke kwatantawa albashin watan farko ne kawai, kuma wallahi nan ne ake yin kuskuren, don albashin farko ba ya gaya maka komai game da inda za ka kasance in ka yi aure ka tara yara uku. Ni na daɗe a sashen kula da ma'aikata a gwamnati, fayil-fayil na furomoshin sun bi ta hannuna ba adadi, ƙanina kuma da muke ciki ɗaya banki ya shiga, don haka ɓangaren biyu na gan su da idona. Zan yi maganar ne a kan mai digiri na farko da ya gama bautar ƙasa a Najeriya, tsarin ma'aikatun tarayya a gefe ɗaya, banki da manyan kamfanoni a ɗaya gefen.

Abubuwan da nake dubawa

Guda biyar ne. Na farko tsani, wato matakala nawa ne kuma shekara nawa ake yi a kowacce. Na biyu wa ke da wuƙa da nama a kan ƙarin girmanka, doka ce ko ra'ayin mutum ɗaya. Na uku abin da za ka biya, ba kuɗi kaɗai ba, har lokacinka da lafiyarka. Na huɗu ƙarko, in ka hau matakin za ka zauna a kai ko ana iya janye shi. Na biyar kuma ko girman yana zuwa da kuɗin da zai sayi wani abu a kasuwa.

Gwamnati: kalanda ce ke tafiya da kai

A ma'aikatun tarayya lebul yana farawa daga 1 ya ƙare a 17. Mai digiri na farko lebul 8 yake shiga, mai mastas ana iya ba shi 9. Shekara biyu na farko na gwaji ne, sai ka ci jarrabawar tabbatarwa a ba ka takardar kwanfameshin, kuma in babu wannan takardar a fayil ɗinka to ka manta da maganar furomoshin. Dokar ma'aikata ta ce daga lebul 6 zuwa ƙasa shekara biyu ake yi kafin a cancanci ƙarin girma, daga 7 zuwa 14 shekara uku, daga 15 zuwa sama shekara huɗu. Sannan a yawancin layukan muƙami babu lebul 11, daga 10 sai 12.

To bari mu yi lissafin da mutum ɗaya. A ce ka kama aiki a watan Maris na 2015 a lebul 8. Ƙarin girma a tarayya daga 1 ga Janairu yake fara aiki, kuma ana so a ranar ka riga ka cika shekarunka uku cif. Ranar 1 ga Janairun 2018 saura maka wata biyu ka cika, don haka ba ka cikin jerin sunayen, sai Janairun 2019 za ka hau lebul 9. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai sun ga an kafe lis babu sunansu, su zo ofis rai a ɓace suna cewa an yi musu maƙarƙashiya alhali ranar da suka sa hannu a rajistar kama aiki ce ta ja musu. Daga nan Janairun 2022 lebul 10, Janairun 2025 lebul 12. Ka ga ke nan ranar da ka cika shekara goma kana lebul 12, furomoshin uku, in komai ya tafi daidai babu tangarɗa ko ɗaya. In ka faɗi jarrabawa sau ɗaya, ko ma'aikatar ba ta zauna ba a wata shekarar, ko aka ce babu gurbi, to shekara goma za ta same ka a lebul 10.

In ka ci gaba da lissafin ba tare da tsaiko ba, kujerar mataimakin darakta ta farko wato lebul 15 tana wajen shekara ta 18 zuwa 19, cikakken darakta a lebul 17 kuma sai bayan shekara 26, alhali ritaya tana jiranka a shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa, duk wanda ya riga zuwa. Shi ya sa wanda ya shiga yana ɗan 34 da wanda ya shiga yana ɗan 25 ba tafiya ɗaya suke yi ba ko da rana ɗaya suka kama aiki.

Yadda ake yin shi kuwa, sirkula ce ke fitowa, a tattara sunayen waɗanda suka cika shekaru, a duba fayil, a yi jarrabawa. Daga lebul 7 zuwa 13 kwamitin manyan ma'aikata na ma'aikatar ne ke yi da izinin hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya, matakan darakta kuma hukumar da kanta take riƙe da su. Jarrabawa ce ke ɗauke da mafi yawan maki, sai rahoton shekara-shekara da oganka ke cike maka, wanda muka sani da fom ɗin APER kafin a fara komawa sabon tsarin PMS, sai ɗan makin daɗewa a matakin. Abin da nake so ka lura da shi shi ne oganka yana da hannu amma ba shi kaɗai ba ne, ko da ba kwa shiri da wuya ya iya danne ka shekara da shekaru in kana cin jarrabawa kuma babu kuweri a fayil ɗinka. Wannan kariya ce ta gaske, kuma kamfani ba shi da irinta.

Inda abin yake ciwo wuri uku ne. Na farko gurbi. Cin jarrabawa ba ya nufin an ƙara maka girma, sai in akwai kujera a sama, kuma tsarin kamar dala yake, ƙasa faɗi sama tsini. Daga 8 zuwa 12 ba a cika samun cunkoso ba, amma daga 14 zuwa 15 za ka ga mutum ya ci jarrabawa sau biyu sau uku yana nan. Na biyu layin da aka ɗauke ka a kai. In takardarka ta ce layin ezekitib aka sa ka, wannan layin a lebul 14 yake tsayawa, sai ka nemi a sauya maka layi zuwa na ofisa mai kaiwa har lebul 17, kuma sauyin ba ya zuwa a sauƙaƙe, wani lokacin har da rasa matsayinka na daɗewa. Don Allah kafin ka yi murna da takardar ka karanta sunan muƙamin da aka rubuta, ba lambar lebul kaɗai ba.

Na uku shi ne tazarar da ke tsakanin takarda da kuɗi. Na taɓa karɓar takardar ƙarin girma na kai gida, mahaifiyarmu ta sa aka karanta mata, ta ɗaga hannu ta yi addu'a ta ce "Allah ya sa albarka, ya ƙara ɗaukaka," har aka yi ɗan abincin sadaka aka raba wa maƙwabta. Ƙarshen wata alat ya shigo, ko kwabo bai ƙaru ba. Wata na biyu haka, na uku haka, ina ta zarya tsakanin ofishin albashi da na rajista da kwafin takardar a cikin ambulan har gefenta ya fara yagewa, sai da aka haura shekara kafin sabon albashin ya hau, ariyas kuma ya zo daga baya a gutsure. Ranar da ya zo kuɗin ba su sayi rabin abin da za su saya a lokacin da ya kamata a biya ba. A wasu jihohin ma akwai furomoshin na suna kawai, a rubuta maka cewa girman ya fara daga shekara kaza amma kuɗi sai daga ranar da gwamnati ta ga dama, tsakanin nan babu ariyas.

Maganar kuɗin gaba ɗaya ma, kowace shekara akwai ƙarin sitef, wato ƙaramin mataki a cikin lebul ɗinka, ɗan kaɗan ne, kuma tazarar albashi tsakanin lebul da lebul a ƙananan matakai ba ta da yawa. A 2015 dala tana ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, an cire tallafin mai a Mayun 2023, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Duk wanda ya yi waɗannan shekarun a ma'aikata zai gaya maka lebul ɗinsa ya hau sau uku amma buhun shinkafa ya fi shi gudu. Hukumomi masu tsarin albashinsu na daban irin su babban banki ba sa cikin wannan maganar, su wata duniya ce, in ka samu can ba ka buƙatar shawarata.

Abin da za ka biya ba shi da yawa. Karatun dokokin aiki da na kuɗi don jarrabawa, wani lokacin kuɗin mota zuwa inda ake zana ta, sai haƙuri mai yawa. Lokacinka kuma naka ne, yawanci ƙarfe huɗu an tashi, kuma bayan an tabbatar da kai kana iya neman hutun ƙaro karatu da albashinka. Sai dai ka sani doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya gudanar da kasuwanci ba in ba noma ba, ko da kuwa kowa ya san abin da ke faruwa a zahiri.

Kamfani: ciniki ne, kuma kai ne hajar

Kafin komai sai ka tambayi kanka shin akwai tsani ma a wurin? Don kalmar kamfani ta haɗa abubuwa uku da ba su da alaƙa. Akwai manya masu tsari, bankuna da kamfanonin waya da na siminti da na kayan masarufi. Akwai kamfanin Alhaji, inda manaja ɗansa ne, akanta ɗan ƙaninsa ne, kai kuma ko ka shekara ashirin sunanka yaron gida, ƙarin albashi sai ranar da ya ji daɗi. Sannan akwai aikin kwantiragi a cikin babban kamfani, kana sa taye kana zama a kanta ɗaya da cikakkun ma'aikata amma takardarka wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ya ba ka. Wannan na ukun shi ya fi cin matasanmu, yaro ya yi shekara bakwai yana ƙirga kuɗi a banki, ba a taɓa ƙara masa girma ba don tun asali ba ya kan layin. Duba kan takardar, tambarin wa ke jiki, shi ne mai gidanka.

In ka shiga a cikakken ma'aikaci, tsanin banki ya fi kowanne fitowa fili. Ana farawa daga ɗan koyo, ET, sai ABO, sai BO, sai SBO, wato matakai uku na jami'in banki, daga nan mataimakin manaja, muƙaddashin manaja, manaja, babban manaja, sannan manyan kujeru na sama. Sunayen suna ɗan bambanta daga banki zuwa banki. Babu dokar ƙasa da ta ce shekara kaza za ka yi a mataki, kowane kamfani da littafinsa, kuma ko littafin ya ce shekara biyu, sai makinka na afirezal, wato awon ƙoƙarinka a aiki, ya kai sannan kamfanin ya ga ribar shekarar ta isa ya buɗe ƙofar furomoshin.

Ƙanina a sashen kasuwanci aka sa shi, wato nemo kwastoma. Taget ake ba shi, kuɗin ajiya kaza, sabbin asusu kaza, bashin da aka bayar kuma kar ya lalace. Na sha ganinsa ranar Asabar da yamma a gida da waya biyu, yana kiran 'yan kasuwar Kwari ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kar su cire kuɗinsu sai bayan ƙarshen wata, shayin da matarsa ta kawo ya huce a gabansa bai taɓa ba. Shekarunsa na farko ya hau da sauri, mataki biyu kafin ni in ga na farko. Sai aka canza masa oga, sabon bai san wahalar da ya sha ba, wani babban kwastomansa kuma ya koma wani bankin, shi ke nan makinsa ya faɗo, ya zauna a mataki ɗaya kusan shekara huɗu. Babu kwamitin da zai kai wa ƙara, babu makin daɗewa. Abin da ya fitar da shi wani bankin ne ya neme shi, ya tafi da mataki ɗaya sama da albashin da ya kusa ninka nasa. Da ya cika shekara goma yana mataimakin manaja, albashinsa ya ninka nawa ba sau ɗaya ba.

Wannan shi ne sirrin da ba a faɗa wa sababbi: a kamfani babban tsalle yawanci ba a cikin gida ake yinsa ba, sai ka fita. Wanda ya zauna wuri ɗaya shekara goma yana jiran a ga ƙoƙarinsa sau da yawa yana ƙasa da wanda ya sauya wuri sau biyu. Amma fita tana buƙatar abin sayarwa, ko kwastomomin da za su bi ka, ko satifiket irin ICAN ga akanta, CIBN ga ɗan banki, rajistar COREN ga injiniya, ko wata ƙwarewa da ake nema. Waɗannan kuɗi ne daga aljihunka da karatun dare bayan ka dawo gida ƙarfe takwas a gajiye.

Ƙarko kuma shi ne raunin. Cikin waɗanda suka yi tirenin tare da ƙanina, kaɗan ne suka rage a harkar banki zuwa shekara ta goma, wasu sun gaji sun ajiye, wasu an kira su ofis an ce su rubuta takardar ajiye aiki. Yawancin kwantiragin aiki notis ɗin wata ɗaya ne ko albashin wata ɗaya a madadinsa. Akwai kotun ma'aikata ta ƙasa in an zalunce ka, amma shari'a ba ta biyan kuɗin makaranta a wannan zangon. Fansho dai tsari ɗaya ne da na tarayya, dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 mai ɗaukar aiki kashi 10, asusun naka ne yana bin ka duk inda ka koma, kuma in ka rasa aiki ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba kana iya cire kashi 25. Ka riƙa duba asusun da kanka, don akwai ƙananan kamfanoni da ke yanka a albashi ba sa zubawa.

Ga shi a taƙaice cikin jadawali

| Abin dubawa | Ma'aikatar gwamnati | Babban kamfani mai tsari |
|---|---|---|
| Inda ake farawa | Lebul 8 | Ɗan koyo |
| Tazarar ƙarin girma | Shekara 3, doka ce | Ba ƙayyadadde ba, ya danganta da maki da riba |
| Bayan shekara 10 | Lebul 12, in an samu tsaiko 10 | Daga matakin ƙasa har kusa da manaja, ko kuma waje |
| Mai yanke hukunci | Jarrabawa, kwamiti, gurbi | Oga, taget, kasuwa |
| Abin da za ka biya | Jira da haƙuri | Lokaci, kuɗin satifiket, matsin lamba |
| Takarda zuwa kuɗi | Yakan yi jinkiri | Yawanci nan take |
| Haɗarin sallama | Kaɗan, sai an bi matakai | Babba |
| Babban tarko | Layin da ke tsayawa a 14, rashin gurbi | Aikin kwantiragi |

Maganar sauya sheƙa

Wannan mutane ba sa tunaninta da wuri. Daga kamfani zuwa gwamnati ƙofar ƙarama ce, sai an buɗe ɗaukar aiki, kuma sau da yawa ba a ba ka matakin da ya yi daidai da shekarun da ka yi a waje, za ka iya tarar da ƙanin bayanka ne oganka. Daga gwamnati zuwa kamfani kuma ya danganta da abin da ka koya, wanda ya yi shekara goma a sashen haraji ko odit ko sayen kaya ko kwamfuta yana da abin nunawa, wanda ya yi su yana jiran fayil ya zo teburinsa zai sha wuya a intabiyu, kuma wannan yana min ciwo don na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun dushe a haka ba laifinsu ba, ba a ba su aikin yi ba ne.

To wa ya dace da wanne?

In kai ne babba a gida, iyaye sun tsufa, ƙanne na makaranta, kuma wata ɗaya babu albashi zai girgiza gidan gaba ɗaya, ɗauki gwamnati, amma ka tabbata layin ofisa ne, ka yi kwanfameshin da wuri, ka ajiye kwafin kowace takarda a gida. Haka wanda ke son ya yi mastas har dakta yana aiki, ko mai gona a ƙauye da yake son ya riƙa leƙawa, lokacin da gwamnati za ta bar maka ya fi ƙarin albashin daraja.

Ƙanwata, in kina tunanin aure da haihuwa cikin waɗannan shekaru goman, ki sa wannan a lissafi: a tarayya hutun haihuwa aƙalla sati 16 ne da cikakken albashi kuma ba ya taɓa ranar furomoshin ɗinki, dokar ƙwadago kuma sati 12 ta wajabta wa kamfani, wasu manya suna ƙarawa, amma taget ɗin shekarar yana nan yana jiranki. Ba cewa nake kar ki shiga kamfani ba, na san mata da suka zama manajoji, ki dai tambayi matan da ke wurin kafin ki sa hannu.

In kuma shekarunka ba su wuce 25 ko 26 ba, nauyi bai hau kanka ba, kana da sana'ar da kasuwa ke nema, akanta ko injiniya ko kwamfuta ko kana da bakin ciniki, kuma tayin cikakken ma'aikaci ne a kamfani mai tsari, to tafi kamfani, ka fara satifiket ɗinka tun shekarar farko, ka tara kuɗin cefanen wata shida a gefe kar ka taɓa, in ka shekara uku a mataki ɗaya babu motsi ka fara duba waje.

In zaɓin tsakanin lebul 8 ne da aikin kwantiragi, ko da na kwantiragin ya fi albashi yau, ni gwamnati zan ce maka ba tare da na yi dogon tunani ba. Haka in kamfanin na mutum ɗaya ne babu rubutaccen tsarin girma, sai fa in niyyarka ka koyi harkar shekara biyu uku ka buɗe taka.

Wanda ya haura 35 kuma aka ba shi lebul 8, ya zauna ya yi lissafin da na yi a sama da shekarun haihuwarsa, zai ga 60 za ta riske shi kafin kujerar darakta, mai yiwuwa a 15 ko 16 zai tsaya. In albashi tabbatacce da fansho yake nema babu laifi ya karɓa, in kuwa yana da matsayi mai kyau a kamfani yanzu, kar ya sauko saboda sunan aikin gwamnati kawai.